Fashin baƙi: Daga ina adadin fasinjan adaidaita sahu, tasi da bas ya samo asali?

Direbobin haya da yawa suna ɗaukar adadin fasinjan da aka ƙayyade musu a matsayin wani abu da jami'in kan hanya ya ƙirƙira don ya sami hanyar tare su. Idan kujera ta ɗauki mutum huɗu, me zai sa a ce uku? Tambayar tana da ma'ana, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Amsar ita ce adadin nan bai tsaya shi kaɗai ba. Yana ɗaure da nauyin da masana'anta ta ce abin hawan zai iya ɗauka, yana ɗaure da ajin lasin da ke aljihun direba, yana kuma ɗaure da takardar inshora. Wanda ya ƙara fasinja ɗaya a kan adadin yana taɓa waɗannan ukun ne a lokaci guda, ko ya sani ko bai sani ba.

Kafin a kai ga lissafi, sai an warware wani ruɗani. Abin da mutane ke kira "lasin" a bakin tasha abubuwa uku ne mabambanta. Na farko na mutum ne, wato lasin tuƙi, wanda ke cewa wane ya iya sarrafa irin wannan abin hawa. Na biyu na abin hawan ne, wato rajistarsa a matsayin na haya, da shaidar cewa an duba lafiyarsa, da inshorarsa. Na uku kuma na sana'ar ne, wato izinin ɗaukar mutane a karɓi kuɗinsu a wani gari ko a kan wata hanya, wanda galibi ƙaramar hukuma ko hukumar sufuri ta jiha ko ta birni ke bayarwa. Mutum na iya riƙe biyu ya rasa ɗaya. Ɗan kabu-kabu, alal misali, yana da lasin tuƙi kuma motarsa na da takardu, amma takardun na motar gida ne, don haka a idon doka ba shi da hurumin ɗaukar fasinja. Katin ƙungiyar direbobi da tikitin tasha kuwa ba sa maye gurbin ko ɗaya daga cikin ukun, duk da cewa su ne aka fi tambaya kullum.

A ɓangaren lasin tuƙi, akwai wani layi da ƙasashe da yawa suka yi tarayya a kansa, shi ne fasinja takwas. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa ta tsara cewa lasin aji B na motar da cikakken nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba ne, kuma kujerunta ba su wuce takwas ba ban da ta direba. Da zarar kujerun sun haura takwas, motar ta koma aji D, wato ta zama bas. A ƙarƙashin D akwai ƙaramin aji D1, na motar da ke ɗaukar fasinja tara zuwa sha shida. A Birtaniya ma a nan tasi ke tsayawa: har zuwa fasinja takwas ƙaramar hukuma ke ba ta izini, daga tara kuwa ta shiga dokokin motocin jigilar jama'a. Indiya ta ja nata layin a wani wuri daban a dokarta ta 1988, inda tasi ke ɗaukar har mutum shida ban da direba, sai wani aji na gaba mai ɗaukar bakwai zuwa sha biyu. Lambobin sun bambanta, amma tunanin ɗaya ne: gwargwadon yawan rayukan da ke bayan direba, gwargwadon tsananin gwajin da za a yi masa.

Najeriya ta bi wata hanya da ya kamata a lura da ita, domin haruffan sun yi kama da na sama amma ma'anarsu daban. A tsarinta, aji A na babur ne, kuma a nan masu ƙafa uku ke shiga. Aji B na motar da ba ta kai tan uku ba ne, amma an cire tasi da bas daga cikinsa ƙarara. Wato lasin da galibin masu motar gida ke riƙe da shi bai ba su damar yin haya ba ko da a ƙaramar mota ce. Aji C ne ke ɗaukar ƙananan motocin haya, aji E kuma manyansu. Ana ba da lasin gida daga shekara 18, na haya kuwa sai mutum ya kai 26, tare da shaidar likita kan lafiyarsa da ganinsa. Rajistar motar ma tana bayyana a lambarta: rubutun lambar motar gida shuɗi ne, na haya ja. Duk wanda ya shiga motar haya mai shuɗiyar lamba ya san tun daga ƙofa cewa aƙalla takarda ɗaya ba ta cika ba.

Mai ƙafa uku ya fi wahalar sakawa a aji, domin ba babur ba ne sosai kuma ba mota ba. Yana da kan babur da injin babur, amma yana ɗaukar mutane kamar tasi. Shi ya sa hukumomi suka rarrabu a kansa. Indiya, inda ake ƙera yawancinsu, ta daɗe da ba shi izinin haya a matsayin mai ɗaukar fasinja uku da direba. A Gana kuwa, a shekarar 2012 dokar hanya ta haramta ɗaukar fasinja don kuɗi a babur da mai ƙafa uku gaba ɗaya. A wurare da dama an yarda da shi amma an hana shi manyan tituna. Ni a ganina raunin da ya fi damuwa shi ne a ba mutum lasin irin na babur, wanda gwajinsa bai taɓa batun fasinja ba, sannan a miƙa masa rayuka uku a baya.

To daga ina ukun ta fito? Daga sikeli. Kowane abin hawa yana da nauyi biyu da masana'anta ta rubuta. Akwai nauyinsa shi kaɗai da mai a tanki, akwai kuma cikakken nauyin da bai kamata ya wuce ba da mutane da kaya da komai. Na biyun yana rubuce a wani ɗan allon ƙarfe ko sitika a jikin ƙofar direba, ko ƙarƙashin kujera, ko cikin littafin abin hawan, wani lokaci kusa da haruffan GVW ko GVM. Idan aka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne iyakar lodi. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙera bas suna lissafa direba a kilo 75, fasinja kuma a kilo 68, ko 71 idan an haɗa da ɗan kayan hannunsa a motocin tafiya mai nisa. Da waɗannan lambobin kowa zai iya yin lissafin da kansa.

A ɗauki adaidaita sahu irin wanda aka saba gani, mai inji kusan sisi 200. Nauyinsu yana bambanta kaɗan daga ƙira zuwa ƙira, amma a ce namu kilo 370 ne shi kaɗai, cikakken nauyinsa kuma 680. Ke nan lodinsa kilo 310. Direba ya hau, ya ci 75, saura 235. Fasinja uku sun zauna a baya, sun ci 204, saura 31. Wannan 31 ɗin ita ce jakar makaranta da ledar cefane da jak da safayar taya. An gama. Babu wurin mutum na huɗu a lissafin, ko da akwai wurinsa a kujera. Idan na huɗu ya matsa ya zauna, an wuce iyaka da kilo 37. Idan na biyar ya raɓa kusa da direba, an wuce da 105, wato an ɗora wa abin hawan lodin da ya fi wanda aka ƙera shi dominsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba mu saka buhun kowa a ciki ba, ba mu kuma yi la'akari da cewa manya da yawa sun fi kilo 68 ba.

Direba zai ce ai yana ja. Gaskiya ne, yana ja, domin inji shi ne na ƙarshe da ke nuna gajiya. Abin da ke fara gazawa shi ne daidaito. Mota mai ƙafa huɗu tana tsaye a kan murabba'i, mai ƙafa uku kuwa a kan kusurwa uku yake, faɗinsa a baya, tsininsa a gaba. Layin da yake kifewa a kansa shi ne wanda ya tashi daga tayar gaba zuwa ɗaya daga cikin tayoyin baya, kuma wannan layin yana ƙara matsowa tsakiya yayin da aka yi gaba. Nauyin da ke can baya tsakanin tayoyi biyu yana da sarari a kowane gefe. Nauyin da aka kawo gaba kuma aka ajiye a gefe ɗaya, kamar mutumin da ya zauna da rabin ɗuwawu kusa da direba, yana zaune ne a kan layin kifewar ko ma a wajensa. A haɗa wannan da taka birki a cikin kwana, lokacin da duk nauyi ke zubowa gaba da waje, sai tayar baya ta ciki ta ɗaga. Shi ya sa mai ƙafa uku ya fi saurin kifewa a shataletale ko wajen kauce wa rami, ba a miƙaƙƙen titi ba. Mutumin gaban kuma ya tare gwiwar hannun direba, ba zai iya karya kan zuwa ƙarshe ba, ya kuma rufe masa madubi ɗaya. A duk nau'o'in obalodi, wannan kujerar da ba kujera ba ita ce na fi jin tsoro.

Tasi maganarta gajeriya ce. Motar da aka ƙera da kujera biyar tana da bel biyar, don haka fasinja huɗu ne. Mutum biyu a kujerar gaba yana nufin ɗaya ba shi da bel, kuma cinyarsa na kan giya da birkin hannu. Huɗu a baya yana nufin babu wanda zai iya ɗaura bel yadda ya kamata. Ƙirga bel ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin adadin kowace ƙaramar mota ba tare da an ga takarda ba.

A ƙaramar bas ne al'amarin ke da sarƙaƙiya, domin a nan ne ake sake fasalin mota. Da yawa daga cikin bas ɗin haya sun shigo ne a matsayin motar kaya, babu taga babu kujera a baya. Mai walda ya yanka tagogi, ya haɗa benci, adadin layukan kuma mai mota ne ya faɗa masa. Wata kuma ta zo da kujerunta na asali, aka cire su aka sa siraran da za su ba da layi ɗaya ƙari, ko aka cusa ɗan benci a hanyar wucewa. Duk wannan bai canza lambar da ke jikin allon ƙarfen nan ba ko da kilo ɗaya. Doka a ƙasashe da yawa ta ce duk wanda ya canza adadin kujeru sai ya kai motar an sake dubawa an sake rubuta adadin a takarda, kuma jami'in da ya san aikinsa ba zai rubuta abin da ya wuce lodin ba.

A ce bas ɗinmu kilo 2,000 ce ita kaɗai, cikakken nauyinta 3,200. Lodinta 1,200 ke nan. Direba 75, fasinja sha huɗu a kan 71 kowanne sun ba da 994, jimla 1,069. Saura 131 na kaya, wanda bai fi manyan buhuna biyu da 'yan jakunkuna ba. Yanzu a mayar da ita mai ɗaukar sha takwas, a ƙara kwandasta, domin shi ma mutum ne mai nauyi ko da ba ya biyan kuɗin mota. Mutum sha tara sun ba da 1,349, da direba 1,424, an riga an wuce iyaka da 224 tun ba a ɗora kaya ba. A ɗaure kilo 300 a but da bisa rufi, sai motar ta kai 3,724. A tsarin Biyana ta fita daga D1 ma, tunda fasinjanta sun haura sha shida, wato direban da ke da lasin ƙaramar bas yana tuƙa abin da lasinsa bai rufe ba.

Ina wannan ƙarin nauyin yake sauka? Galibinsa a tayoyin baya, saboda ƙarin layin da but duk a bayan mota suke. Kowace taya tana da lambar da ke faɗin iyakar abin da za ta ɗauka. Tayar irin wannan bas takan zo da rubutu kamar 195R15C 106/104. Harafin C yana nufin ta motar aiki ce, 106 kuma yana nufin kilo 950 idan ita kaɗai ce a gefenta. Biyu a baya sun ba da 1,900. Idan kashi 55 cikin ɗari na nauyin motarmu ya sauka a baya, sun ɗauki kusan 2,050, sun wuce iyakarsu, kuma iyakar nan sai da cikakkiyar iska take aiki. Idan kuwa an sa mata tayar ƙaramar mota mai lamba 91, kowacce kilo 615 ce iyakarta, biyun 1,230, an ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu da fiye da kilo 800. Tayar da aka yi wa haka tana lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayar ciki, sai ta fashe bayan an yi nisa ana gudu. Idan aka ji an ce taya ce ta fashe musu, sau da yawa tun a tasha aka fara fasa ta.

Birki ma haka. Aikinsa mayar da gudu ya zama zafi, kuma motar da ta fi iyakarta da kashi 16 cikin ɗari tana ba shi ƙarin zafi daidai wannan a kowace takawa. A fili ba a cika ji ba. A doguwar gangara ne feda ke yin laushi, a ji ƙauri, mota ta ƙi tsayawa. Sai kuma tsayin nauyin. Mutane a zaune sun fi ƙasan mota bisa, kayan rufi sun fi su, don haka kowane ƙari yana ɗaga tsakiyar nauyin sama yana kuma ja da shi baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2001 kan motoci masu kujera sha biyar, bayan ta gano cewa waɗanda ke ɗauke da mutum goma ko fiye suna kifewa a haɗari kusan sau uku fiye da waɗanda ba su da lodi sosai. Waɗannan motoci ne da ba su ma wuce adadinsu ba.

Fasinja na iya gane motar da ta wuce iyaka kafin ya shiga. Bayanta ya zauna har bakin taya ya kusa taɓa jiki, hancinta ya ɗaga, sifirin baya ya miƙe ko ya juya ƙasa maimakon ya yi baka, gefen tayoyin baya ya kumbura, but a buɗe an ɗaure shi da igiya. Shi kuma direba yana ji a hannunsa: sitiyari ya yi sakayau domin gaba ya rasa nauyi, mota tana lilo bayan ta sha kwana, shokazoba na bugawa a kowane tudu.

Bayan nauyi da lasin, abu na ukun da ƙarin fasinja ke taɓawa shi ne inshora, kuma a nan mai mota ne ya fi shiga uku. Kamfani yana karɓar kuɗi ne a kan abubuwa biyu da aka faɗa masa, wato aikin da motar ke yi da adadin kujerunta. Inshorar motar gida ta cire ɗaukar mutane don kuɗi a rubuce, saboda haka ɗan kabu-kabu yana yawo ne da takardar da ba ta rufe aikin da yake yi ba. A kan wuce adadi kuwa, dokokin ƙasashe da dama sun kare wanda ya ji rauni: kamfani ba zai hana shi haƙƙinsa don kawai an cika mota ba. Amma bayan ya biya, yana da damar juyowa kan mai mota ya nemi kuɗinsa, kuma gyaran motar kanta yana iya ƙin biya tunda an saɓa sharaɗi. Kuɗin kujera huɗu na ƙari a kowane sawu ba ya kusantar diyyar mutum ɗaya da ya karye a ƙugu.

Duk da haka ba adalci ba ne a ɗora wa direba laifin shi kaɗai. Galibinsu ba su ne masu abin hawan ba. Akwai balas da za su kai wa mai shi kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba, akwai mai, akwai kuɗin tasha da na kamasho, kuma abin da ya rage bayan waɗannan shi ne na cefanen gida. A irin wannan tsari, fasinjojin da doka ta yarda da su suna biyan wasu ne, na ƙarin shi ne na direba. Muddin haka lissafin yake, tara a kan hanya za ta zama wani kuɗin da ake cirewa ne kawai. Kenya ta gane wannan a dokokin da ministan sufuri John Michuki ya kafa a 2003, suka fara aiki a Fabrairun 2004. An mayar da ƙananan bas ɗin da ke cusa mutum sha takwas zuwa kujera sha huɗu, an wajabta bel ga kowace kujera da na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 80 cikin awa, an sa a rubuta adadin fasinja da hanyar da motar ke bi a jikinta. A cikin dokokin har da sharaɗin cewa mai mota ya ɗauki direba da kwandasta aiki na dindindin a kan albashi. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ya nufi tushen matsalar, kuma shi ne ya fi wuyar tabbatarwa, domin jami'i na iya ƙirga kawuna ta taga cikin daƙiƙa goma amma ba ya ganin yarjejeniyar da ke tsakanin direba da mai mota.

Shi ya sa nake ganin izinin sana'a, wato takarda ta uku a cikin waɗanda muka fara da su, ya kamata ya riƙa ɗaukar sunan mai abin hawa tare da adadin kujeru, kuma idan an kama motarsa da obalodi sau da yawa izinin nasa ne za a dakatar, ba lasin direban kaɗai ba. Direba ana canza shi da safe ɗaya. Wanda ya kai bas wurin mai walda ya ce a ƙara layi na biyar, ya kuma yanka balas a kan kujera sha takwas, shi ne ya yanke adadin tun kafin direba ya karɓi makulli.